Magani biyu na gwada na shaƙiƙa, babu wanda ya yi min

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Jidda da maigidana da yara uku, ina ɗinkin abaya a gida. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, wanda a nan muke cewa shaƙiƙa, amma shekara biyun nan ya matsa min. A wata ɗaya yakan kwantar da ni kwana 10 zuwa 12, da tashin zuciya, ba na son haske ko ƙamshin turaren wuta, sauran kwanakin ma kan bai cika sakina ba. Kusan kullum sai na sha Fanadol mai jan kwali. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, an ba ni Tiriftizol, na sha kwana tara, barci ya hana ni tashi asuba, na bari. Wani likitan ya ba ni Tofamaks miligiram 50 safe da dare, yatsuna suka dinga tsiko, ina manta magana, ciwon kuma bai fasa ba, sati biyu na ajiye. Ina da asma kaɗan, kuma muna son ƙarin haihuwa baɗi in Allah ya so. Ƙanwar mijina tana shan Indaral ta ce in gwada nata, wata kuma ta ce akwai allurar wata-wata. Wanne ya fi?

Wata 'yar'uwa daga Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa.

Kafin komai, ki mayar wa ƙanwar maigida Indaral ɗinta, ki yi mata godiya. Magani ne mai kyau, sunansa na asali furofaranolol, kuma yana cikin na farko-farko da muke rubuta wa masu shaƙiƙa. Amma yana matse hanyoyin iska na huhu, yana kuma toshe aikin shaƙen nan mai ruwan bula da masu asma ke dogara da shi. Wanda asmarsa ta yi shekara tana barci, ƙwaya ɗaya na iya tashe ta. Na fara da wannan ne don shi kaɗai ne a wasiƙarki zai iya kai ki sashen gaggawa a daren nan.

Sai abin da nake so ki riƙe daga amsar nan gaba ɗaya. A lissafin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba ki gwada magani biyu ba. Ɗanɗanawa kika yi. Maganin rigakafin shaƙiƙa ba ɗan'uwan Fanadol ba ne da ake sha a jira rabin awa. Aikinsa shi ne ya rage saurin tunzurar ƙwaƙwalwa, yadda abin da ke tayar da ciwon jiya, kamar yunwa, rashin barci ko zafin ranar Jidda, ba zai iya tayar da shi gobe cikin sauƙi ba. Wannan sauyin a hankali yake ginuwa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa har a kai ma'aunin da ake nufi, sannan a zauna a kansa sati 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Lissafin yana farawa ne daga ranar da aka kai cikakken ma'auni, ba daga ranar da aka karɓo kwali a saidaliyya, wato kantin magani, ba.

Abin haushin shi ne illolin magungunan su suke riga zuwa. A satin farko za ki ji barci, bushewar baki ko tsikon yatsu, amfanin kuma sai an shiga sati na huɗu, na shida, wani lokaci na takwas. Yawancin illolin suna lafawa bayan sati biyu ko uku, wato daidai lokacin da mutane suka riga suka jefa kwalin a durowa. Ban ga laifinki ba. Wanda aka miƙa wa takarda cikin minti uku ba a gaya masa haka ba, in ya bari ya yi abin da kowa zai yi.

Sannan mece ce nasara? A wurinmu maganin rigakafi ya ci idan ya raba kwanakin ciwo biyu. Mai kwana 12 ta koma 6. Ko kuma kwanakin sun ragu kaɗan, amma ciwon da ke kwantar da ke wuni guda yanzu awa uku yake yi, kuma maganin da kike sha idan ya taso ya fara kama shi. In kina jiran ranar da kan zai daina ciwo ɗungurungum, duk maganin duniya zai zame miki mara amfani, har da allurar.

Yanzu mu zo kan yadda ake zaɓe. Mutane suna zaton akwai jeri ne daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, likita yana ɓoye mai ƙarfin sai ya ga dama. Ba haka ba ne. Tsofaffin ƙwayoyin nan ƙarfinsu ya yi kusa da juna, kuma babu ɗayansu da aka ƙirƙira don shaƙiƙa tun asali. Indaral na hawan jini da zuciya ne, Tiriftizol na ciwon damuwa ne, Tofamaks da Difakin na farfaɗiya ne, daga baya aka gano suna rage ciwon kai. Don haka ƙwararre ba ya tambayar wanne ya fi. Yana duban sauran jikinki ne, ya cire waɗanda za su cutar da ke, sannan cikin waɗanda suka rage ya ɗauki wanda illarsa za ta zame miki riba ko aƙalla za ki iya zama da ita. Mai hawan jini da faɗuwar gaba a ba shi Indaral, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mai rashin barci a ba shi Tiriftizol. Mai ƙiba da ba ta shirin ciki, a yi tunanin Tofamaks don yana rage cin abinci.

Bari in yi wannan tankaɗe a kanki kamar kina zaune gabana. Asma ta fitar da Indaral da danginsa. Shirin haihuwa kuma ya fitar da uku a lokaci guda. Difakin, wato balfuro'et, shi ne mafi hatsari: cikin jarirai goma da aka yi cikinsu uwa tana shansa, kusan ɗaya yana zuwa da nakasar halitta, kuma uku zuwa huɗu suna samun matsalar koyo ko jinkirin girman ƙwaƙwalwa. Macen da za ta iya ɗaukar ciki ba a ba ta shi don ciwon kai, ko da wani ya rubuta miki ki ce a sake dubawa. Kandesatan, wani maganin hawan jini da ke aiki sosai ga shaƙiƙa, yana lalata ƙodar ɗan tayi. Tofamaks kuma yana ƙara yiwuwar a haifi jariri da tsagaggen leɓe ko ganɗa, ko ya zo ƙarami, ga shi yana iya raunana ƙwayoyin tsarin iyali, musamman idan ma'aunin ya yi yawa.

Tun da mun zo kan Tofamaks, yadda aka fara miki shi ba haka ake farawa ba. Miligiram 100 a yini shi ne inda ake son a kai, amma ana hawa ne da 25 da dare, a ƙara 25 duk sati, a isa can a sati na huɗu. Wanda aka ɗora wa 100 tun ranar farko dole kalma ta riƙa kufce masa a tsakiyar zance, ya ji yatsu suna yam-yam, lemon kwalba ya koma masa salam a baki. Ko da ba zancen ciki, ina ɗari-ɗari da shi ga mazauna Jidda da Makka, domin yana rage zufa kuma yana jawo tsakuwar ƙoda ga wanda ba ya shan ruwa sosai. Wanda yake shansa ya ji ido ya yi ja yana ciwo, gani ya dushe farat ɗaya, wannan ba na jira ba ne, a ranar ake zuwa asibiti.

To me ya rage? Wanda kika fara bari. Tiriftizol, sunansa na asali amitiriftilin, ba ruwansa da asma, yana gyara barci, yana taimaka wa irin ciwon kan nan na yau da kullum da ke tsakanin manyan bugu, kuma yana cikin ƙalilan da likitan mata da na jijiyoyi kan iya yarda a ci gaba da ƙaramin ma'auninsu idan ciki ya shiga kuma ciwon ya yi tsanani. Wannan shawarar tasu ce a lokacin, ba taki ke kaɗai ba. Da ni ce a kujerar likitanki, bayan na auna jininki da bugun zuciya na tabbatar ba ki da ciwon zuciya ko hawan ruwan ido, shi zan sake ba ki, amma da wani tsari.

Ba ki faɗa min ma'aunin da aka ba ki ba ko ƙarfe nawa kike sha, amma zan iya cinka: miligiram 25, kuma sai kin gama hira da ɗinki kin zo kwanciya wajen ɗaya na dare, kamar yadda aka saba raba dare a ƙasar nan. Barcin maganin yana kai awa goma ko fiye. Wanda ya sha ƙarfe ɗaya, kiran asuba zai same shi a tsakiyar nauyinsa. Gyaran abu biyu ne. A fara da miligiram 10, a kuma sha shi da wuri, tsakanin magariba da isha'i, ko da ba a lokacin za ki kwanta ba. Sati biyun farko 10. In jiki ya karɓa, sati biyu na gaba 20. Daga sati na biyar a kai 25 ko 30, kuma a nan ne ake fara ƙirga sati takwas ɗin. Wasu sai an kai su 50, wasu 10 ɗin ma ya ishe su. Ki haɗa lissafin za ki ga sati 12 ne, kusan wata uku, daga ƙwayar farko zuwa ranar da za a ce ya yi ko bai yi ba. Idan an hau mataki barci ya dawo, a koma na ƙasa a ƙara sati, ba a jefar da maganin ba.

Ki sa ran bushewar baki, da taurin ciki, da son zaƙi. Na ƙarshen nan shi ya fi yi wa mata ciwo, don nauyi yana iya ƙaruwa, ki sa ido a kan dabino da basbusa da dare. In kuwa zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba dalili, ko fitsari ya ƙi fita, ko kika suma, ki tsaya ki koma wurin likita. Kada kuma ki ji kunya idan kika karanta takardar cikin kwalin kika ga an rubuta maganin damuwa ne. Ma'aunin da ake ba masu damuwa ya ninka naki sau da yawa, kuma ba wanda ya ce ciwon kanki tunani ne.

Akwai wani abu da zai iya rusa duk wannan tsarin, kuma yana cikin jakarki. Fanadol mai jan kwali farasitamol ne haɗe da kafin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi. Ƙwaƙwalwar mai shaƙiƙa idan ta saba samun maganin ciwo kusan kullum, sai ta fara haifar da ciwon da kanta duk lokacin da maganin ya sake ta. Iyakar da aka sani ita ce: farasitamol zalla ko ibufurofen, kwana 15 ko fiye a wata, masu haɗi da kafin ko kodin, da dangin sumatiriftan, kwana 10 ko fiye a wata, idan aka yi sama da wata uku a haka, maganin ya zama wani ɓangare na cutar. Kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwaya ba. Alamarsa ita ce ciwon kai mai nauyi da ake tashi da shi da safe, ya lafa in an sha magani, ya dawo bayan 'yan awanni. Wannan kan da kika ce bai cika sakinki ba, ina kyautata zaton shi ne.

Mafita ita ce a yanke shi, kuma ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu zuwa goma na farko kan zai fi da ciwo, wani lokaci da tashin zuciya da rashin barci. Ki zaɓi lokacin da ba ki da ɗinkin biki a hannu, ki nemi wadda za ta kama miki yara. Bayan nan sai a dawo da maganin bugu bisa ƙa'ida, kada ya wuce kwana biyu a sati. Ki roƙi likita ya ba ki na shaƙiƙa na ainihi, kamar sumatiriftan miligiram 50, wanda ake sha da zarar ciwon ya fara, ba sai ya kwantar da ke ba. Ki gaya masa zancen asma kafin ya haɗa miki da ibufurofen ko nafuroksen, don wasu masu asma ba sa jituwa da su. Na sha ganin waɗanda rabin kwanakin ciwonsu suka tafi daga yanke maganin kullum kaɗai, cikin wata biyu, tun rigakafin bai gama kama jiki ba.

Duk wannan ba za a iya auna shi da ka ba. Mai ciwo in aka tambaye shi ya watan jiya, ranar da ta fi muni kawai yake tunawa. Ki samu kalandar bango, ki rataye kusa da keken ɗinki. Ranar babban ciwo ki yi gicciye, ranar ƙaramin nauyin kai ki yi ɗigo, ranar da kika sha maganin ciwo ki zagaye lambar, ki kuma ja layi a ƙarƙashin kwanakin al'ada. Ki fara yau, kafin ki ga likita, don a san daga inda aka tashi. Misali watan farko ya nuna gicciye 12 da zagaye 24. Idan a wata na uku muka ga gicciye 6 da zagaye 8, maganin ya ci, a ci gaba. Idan muka ga gicciye 9, ya fara amma bai kai ba, a ƙara ma'auni a sake ba shi sati shida zuwa takwas. Idan har yanzu 12 ne alhali kin sha cikakken ma'auni ba fashi kuma kin rabu da jan kwali, to yanzu ne za a rubuta cewa ya gaza, a sauya.

Kalandar nan ita ce kuma za ta raba gardama kan allurai. Idan ɗigo da gicciye suka haɗu suka kai kwana 15 a wata, 8 daga ciki na shaƙiƙa sosai, fiye da wata uku, ana kiransa shaƙiƙa mai ɗorewa, kuma ga irinta kaɗai allurar Botoks take aiki. Ana yinta a wuri 31 a goshi, gefen kai, ƙeya da kafaɗa, duk sati 12, ba a kuma yanke mata hukunci sai bayan zagaye biyu ko uku, wato wata shida zuwa tara.

Ta wata-wata da aka ba ki labari daban ce. Ita ce rukunin farko da aka ƙera musamman don rigakafin shaƙiƙa, tana tare wani sinadari mai suna CGRP da jijiyoyin kai ke saki lokacin bugu. Ta farkonsu, erenumab, an amince da ita a Amurka a 2018, ana yinta a ƙarƙashin fata duk sati huɗu, miligiram 70 ko 140. Ba ta buƙatar hawa mataki-mataki, ba ta sa barci ko ƙiba, wasu suna ganin sauƙi tun watan farko, ko da yake ita ma sai an yi wata uku ake auna ta. Taurin ciki ne babban ƙorafinta. Magani ce ta gaske, ba na raina ta. Amma tana da tsada sosai, kuma masu biyan kuɗin magani a wurare da yawa suna son su ga shaidar cewa an gwada ƙwayoyi biyu ko uku yadda ya kamata sun gaza, kwana tara da sati biyu kuwa ba za su shiga wannan lissafin ba. Babban dalilin da ya sa ba zan fara miki da ita ba shi ne tana daɗewa a jini, ana so a daina ta wata biyar zuwa shida kafin a nemi ciki. Mai niyyar baɗi, da ta fara jin daɗinta lokacin bari ya yi.

Tambaya ɗaya da za a yi miki, ki shirya amsarta. Kafin ciwon ya zo, kina ganin walƙiya ko zane mai lanƙwasa a ido, ko wani gefen gani ya ɓace na minti 5 zuwa awa ɗaya? In eh, kuma kina tazarar haihuwa da ƙwayoyi masu sinadarin istirojin, dole a sauya miki hanya, domin haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Haka kuma ciwon kan da ya faɗo kamar tsawa ya kai ƙarshe cikin minti ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarar wuya, ko raunin hannu da karkacewar baki, ko sabon salo bayan ciki ya shiga, ba shaƙiƙar da kika sani ba ce, asibiti ake nufa nan take.

Idan maganin ya karɓe ki, ba na har abada ba ne. Ana riƙe shi wata 6 zuwa 12, sannan a sauka a hankali kamar yadda aka hau, kuma da yawa ciwon ba ya komawa yadda yake da. A naki lissafin, wannan saukar za ta iya dacewa da lokacin da kuke son neman cikin, don haka ki gaya wa likita watan da kuke nufi tun zaman farko. In cikin ya riga ku zuwa, kada ki yanke maganin da kanki a dare ɗaya, ki je a duba cikin satin. Mata da yawa shaƙiƙarsu tana lafawa da kanta bayan wata uku na farkon ciki.

Saura azumi. Ban so ki fara amitiriftilin a cikin Ramadan, don bushewar baki da barcin satin farko ga mai azumi a zafin Jidda sun isa su sa ki sake ajiye shi, kuma watan da barci da cin abinci suka juye ba watan auna magani ba ne. In da hali ki fara tun Jimada Sani, ki yi hawan mataki da yanke jan kwali a lokacin, Rajab da Sha'aban su zama satuttukan gwajin. In Ramadan ya zo kina kan ma'auninki, sai ki sha shi bayan buɗa-baki, ki rage gahawa da shayi sannu a hankali tun tsakiyar Sha'aban don kada ranar farko ta zo miki da ciwon rabuwa da su, ki kuma jinkirta sahur ki sha ruwa sosai.